Na sa wa Mama ringin ɗinta daban, amma ta kira sau uku cikin dare wayar ba ta yi ƙara ba

Hajara:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun jiya. Mahaifiyarmu ba ta da lafiya, kuma ba gida ɗaya muke ba, ƙanena ne yake kwana wajenta. Saboda haka na sa wa lambarta da ta ƙanen nawa wani sauti mai ƙarfi daban, don ko barci nake na ji na san su ne. Da daddare nakan sa wayar a shiru saboda saƙonnin guruf-guruf ba sa barin mutum ya runtsa. Shekaranjiya da misalin ƙarfe biyu na dare ta kira ni sau uku, wallahi ban ji komai ba, sai da safe na ga kiran. Alhamdu lillahi ba wani abin tashin hankali ba ne, amma jikina ya yi sanyi. To meye amfanin sa wa mutum ringin na musamman in ba zai yi ƙara ba? Samsung ce wayar. Abin mamaki kuma ƙararrawar da na saita ƙarfe biyar da rabi ta tashe ni lafiya lau, alhali wayar tana nan a shirun.

Abba:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ina da tabbacin lambar a sim kika ajiye ta. Lambar da ke kan sim ba ta ɗaukar ringin daban. Ki mayar da ita cikin waya ko cikin akawun ɗinki na Google, an gama.

Hajara:
Amin Abba, na gode. Amma da rana in ta kira sautin da na zaɓa mata ne yake fita. Da a ce bai kama ba ai da na gane.

Kawu Ila:
Ni ma abin nan ya dame ni. Duk wanda ya kira ni sai ya ce yana jin wata waƙa kafin in ɗauka, kuma ni ban sa ta ba, ban ma san mai waƙar ba. Da girmana. Ta ina ake cire ta?

Abba:
Kawu naka daban ne. Wannan waƙar ba a cikin wayarka take ba, daga kamfanin layinka ne, mai kiranka ne kaɗai yake jin ta. Su za ka nema su cire maka. Mu muna maganar abin da kai kake ji in an kira ka.

Kawu Ila:
To, Allah ya yi muku albarka. Na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Malam Nura:
Allah ya ba Mama lafiya, Hajara. Maganar Abba game da sim gaskiya ce, sim ba ya riƙe komai sai suna da lamba, amma ba ita ce matsalarki ba tunda da rana sautin yana fita. Wayarki ta yi daidai abin da kika umarce ta.

In kira ya shigo, waya tana yanke shawara uku ne, ɗaya bayan ɗaya. Da farko tana duba ko an yarda ta yi ƙara a wannan lokacin. In an yarda, sai ta duba ƙarfin da aka sa wa ƙarar kira. Sai a ƙarshe ta duba wanda yake kiran, ta ɗauko sautin da aka ware masa. Ringin ɗin da kika sa wa Mama yana mataki na ƙarshe. Ke kuma da kika sa wayar a Mute, a mataki na farko kika rufe ƙofa, ba a ma kai ga tambayar wa ke kira ba. Sautin musamman yana gaya miki wanda ke kira ne kawai, ba ya ba shi izinin ƙetare shiru.

Ƙararrawa kuwa ta tashe ki ne saboda hanyarta daban. Waya ba ta da ƙara guda ɗaya. Akwai ta kira, akwai ta saƙonni, akwai ta bidiyo da waƙa, akwai ta ƙararrawa, kowace da nata ma'auni. Mute yana kashe na kira da na saƙonni, ya bar ƙararrawa.

Hajara:
Ikon Allah. To Malam ya zan yi? Ba zan iya barin ta a buɗe ba, akwai guruf ɗin da ba sa barci.

Malam Nura:
Ki daina amfani da Mute da daddare, ki koma Do not disturb. Shi yana da ƙofar da ake buɗe wa wasu, Mute ba shi da ita. Ga yadda za ki yi a wayarki, duk da sunayen kan ɗan sauya daga wannan samfuri zuwa wancan.

Ki buɗe Contacts, ki shiga lambar Mama ki danna tauraron nan, ta zama cikin Favorites. Ki yi wa ƙanenki haka. Kafin ki wuce ki duba su wa da wa ke cikin Favorites ɗin tun da can, don duk wanda ke ciki zai samu izini. Na taɓa ganin wanda ya tara mutum sama da ashirin a ciki saboda sauƙin kira, ya zo yana cewa abin ba ya aiki.

Sai ki je Settings, Notifications, Do not disturb. A ƙarƙashin Calls and messages ki zaɓi cewa waɗanda ke Favorites ne kaɗai kiransu zai shigo. A nan za ki ga Repeat callers, ki kunna shi. Ma'anarsa in lamba ɗaya ta sake kira cikin minti 15, kiran na biyu zai yi ƙara ko da ba ta cikin zaɓaɓɓu. Wannan shi zai cece ki ranar da cajin ƙanenki ya ƙare ya ari wayar wani. Daga nan ki shiga Alarms and sounds ki tabbata Alarms a kunne yake. Sai ki sa masa jadawali, misali daga sha ɗaya na dare zuwa biyar na safe, ya riƙa kunna kansa yana kashe kansa.

Abu mafi muhimmanci, wanda a nan mutane suke faɗuwa: ki bar wayar a Sound. In kin kunna Do not disturb kuma kika haɗa da Mute don ƙarin tabbaci, kin koma gidan jiya. Kiran Mama zai wuce Do not disturb, ya tarar ƙarar kira a kashe, fuskar wayar ta yi haske kawai.

Abba:
Malam ai akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ni ringin ɗin kowa da kowa na sa shi a Silent, wato babban ringin na waya babu sauti. Sai mutum shida da nake so na sa musu nasu. Ƙarar kira tana can sama kullum. Duk wanda ba ya cikin shidan ya kira shiru ne, su kuwa ko yaushe suka kira zan ji. Babu jadawali babu komai.

Malam Nura:
Dabarar tana aiki, kuma tsohuwa ce, tun kafin a kawo Do not disturb ake yin ta. Amma ga Hajara ban so ta ba. Na ɗaya, ba ta san dare da rana ba, da rana ma duk baƙuwar lamba shiru ce. Na biyu, ba ta da Repeat callers. In aka kira ta daga lambar da ba ta ajiye ba, ko sau goma aka kira ba za ta ji ba. Na uku, ba kira ne ke hana ta barci ba, saƙonni ne, kuma dabararka ba ta taɓa saƙonni.

Abba:
Saƙonni ai sai ta ja ƙarar Notifications ta kai ƙasa. Ni dai shekara biyu ke nan ban rasa kiran da ya dame ni ba. Kuma Repeat callers ɗin nan da kake yabo, masu naci ma sun san shi. Akwai wanda in ya kira ba ka ɗauka ba nan take zai sake kira, ba don wani abu ba, haka ɗabi'arsa take. Ka ga ya shigo ke nan.

Malam Nura:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Gara mai naci ya tashe ta sau ɗaya a wata da ta rasa kiran asibiti. Kai da ba ka da majinyaci lissafinka daban.

Abba:
Mun bar shi a haka. Ni ina nan kan tawa.

Bilkisu:
Yaya Hajara sannu da jinya. Ni iPhone ce a hannuna kuma tawa matsalar kishiyar taki ce. Kira ina ji, ƙararrawa ce ta ci amanata. Ranar wata jarrabawa na farka na tarar tana ta yi amma can ƙasa-ƙasa kamar sauro. Da daren na rage ƙara saboda ina kallon bidiyo kusa da ƙanwata tana barci. Tun daga nan na daina yarda da ita.

Malam Nura:
Bilkisu taki tana da bayani. A iPhone ƙararrawar Clock ba ta da nata ma'auni daban, tana bin ƙarar kira ne. Ki je Settings, Sounds & Haptics, za ki ga layin da ake ja na ringin da faɗakarwa. Inda kika ajiye shi nan ƙararrawarki za ta tsaya. A ƙasansa akwai Change with Buttons. In yana kunne, duk lokacin da kika danna maɓallin rage ƙara alhali babu abin da ke kunne, ƙarar kira kike ragewa, da ƙararrawa tare. Ina kyautata zaton kin danna ne kafin bidiyon ya fara ko bayan ya tsaya. Ki ja layin inda kike so, ki kashe Change with Buttons. Daga nan maɓallan gefe bidiyo da waƙa kaɗai za su riƙa taɓawa.

Ki lura kuma, maɓallin shiru na gefen iPhone ba ya kashe ƙararrawa. Mutane suna tsoron shi, alhali ba shi ne ɓarawon ba, layin nan ne.

Bilkisu:
Na duba yanzu, a kunne yake, kuma layin saura kaɗan ya kai ƙarshe. Kai! Shekara guda ina zargin wayar.

Sadiya:
Ƙarin bayani Bilkisu, in wayarki mai buɗewa da fuska ce akwai Attention Aware Features a cikin Face ID & Passcode. In ta ga kina kallonta takan rage ƙarar faɗakarwa da kanta. Ni na kashe nawa don in huta da shakka. Kuma in kika saita tashi ta jadawalin barci na Health maimakon ƙararrawa ta yau da kullum, shi yana da nasa layin ƙara daban.

Sannan Malam, ka ce sautin musamman ba ya ƙetare shiru. A iPhone yana ƙetarewa. Na sa wa maigidana, ko wayar tana shiru in ya kira sai ta yi ƙara.

Malam Nura:
Madalla da kika kawo wannan. Sai dai ba sautin ne ke ƙetarewa ba, wani maɓalli ne da ke zaune a shafi ɗaya da shi, Emergency Bypass. Contacts, ki zaɓi mutum, Edit, Ringtone, yana can sama. Tun iOS 10 a 2016 yake. In aka kunna wa mutum, kiransa yana ƙara ko wayar tana shiru ko tana Focus, wato irin Do not disturb na iPhone. Da Hajara iPhone take riƙe, da shi kaɗai zan ce ta kunna wa Mama. Na saƙo daban yake, a ƙarƙashin Text Tone, kunna ɗaya ba ya kunna ɗayan.

Haɗarinsa shi ne ba ya jin kunya. Ko a taro kike, ko a ɗakin jarrabawa, in ya kira sai kowa ya ji.

Sadiya:
Ai ya taɓa yi mini a tsakiyar wani zama a wajen aiki. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ban cire ba.

Hajara:
Malam na bi matakan. Yanzu wata tambaya. Zan iya sa kiran Mama ya fi na kowa ƙarfi? Da rana ba na son wayar tana tsorata mutane, amma nata ina so ya tashi matacce.

Malam Nura:
A saitin da waya ke zuwa da shi, a'a. Ƙarar kira guda ɗaya ce ga kowa, ba a ware wa mutum tasa. Abin da za ki iya shi ne wasa da sautin kansa. Ki ɗaga ƙarar kira sama, ki zaɓi sauti mai laushi ya zama na kowa, ki ba Mama mai kaifi wanda yake farawa da ƙarfi tun daƙiƙar farko. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko waƙar da mutum yake so, wadda take farawa a hankali, sai an yi daƙiƙa goma sha biyar kafin ta ɗauki zafi. Kira kuwa ba ya daɗewa yana ringin kafin ya katse, rabin lokacin ya tafi a banza. Lasifikar waya ƙarama ce, sauti mai siririyar murya ya fi fita a cikinta fiye da mai kauri. Shi ya sa sautukan da suka zo da wayar, duk da ba su da daɗi, sukan fi tayar da mai barci.

Don ki ga ma'aunan duka, ki danna maɓallin ƙara na gefe, sai ki taɓa ɗigo ukun da ke saman abin da ya fito. Ko ki bi Settings, Sounds and vibration, Volume. Za ki ga Ringtone, Media, Notifications da System. Kada ki yi mamaki in ba ki ga na ƙararrawa a jerin ba. A Samsung ana saita ƙarfinta ne a cikin Clock, ki buɗe ƙararrawar ki shiga Alarm sound, layin yana ƙasa. A wayoyin da ke kan tsarin Google zalla kuwa Alarm volume yana cikin jerin tare da sauran.

Abba:
Kuma Anti kar ki yarda da maɓallin gefe. A Android duka bidiyo kawai yake ragewa.

Malam Nura:
Ba duka ba Abba. Tun Android 9 a 2018 Google ya mayar da maɓallan su riƙa taɓa Media in ba a ce musu komai ba, kafin nan ƙarar kira suke taɓawa. Amma Samsung ta bar zaɓi a shafin Volume ɗin nan, Use Volume keys for media. In a kashe yake, kuma babu abin da ke kunne, ringin kike ragewa, irin abin da ya samu Bilkisu. Hajara ki duba ki kunna shi.

Maganar da ka yi ɗazu ta jan Notifications ƙasa ita ma ba kowace waya ke da ita ba. Shekaru da dama wayoyin Pixel na Google sun haɗa ƙarar kira da ta saƙonni a layi ɗaya, sai wajen Android 14 aka raba su. Mai tsohuwar waya irin wannan in ya rage ta saƙonni ya rage ta kira.

Usman:
Ni tambayata kan jijjiga ce. A wajen aikina injina ne ke ta ruri, ba na jin ringin ko kaɗan, wayar tana aljihu. Ana iya sa wa mutum jijjigarsa daban?

Sadiya:
A iPhone har ƙirƙirar taka za ka yi. A shafin Ringtone na mutumin ka shiga Haptics, a tsofaffi Vibration aka rubuta, sai Create New Vibration. Kana buga yatsa a fuskar wayar tana ɗauka, in ka danne ka riƙe ta yi doguwa. Na yi wa ɗiyata gajeru uku da doguwa ɗaya.

Malam Nura:
A Samsung kuma in ka shiga Edit na lambar ka danna View more, za ka ga Ringtone da zaɓin jijjigar kira, sai dai daga cikin waɗanda aka tanada za ka zaɓa. Wasu wayoyin Android ba su da shi sam ga kowane mutum daban, ringin kaɗai suke bari. Shawarata kada ka wuce biyu ko uku. Kunne yana rarrabe sautuka da yawa, cinya ba ta iyawa. Ka ba mutanen gida doguwa mai ɗorewa, ka bar sauran a ta asali. In ka yi shida za ka koma ciro wayar kana dubawa.

Usman:
Tawa ba Samsung ba ce ba iPhone ba ce, na duba ban ga na jijjiga ba. Kuma akwai wani abin. Ringin ɗin da na sa wa matata yakan koma na asali da kansa bayan kwana biyu.

Malam Nura:
Wayar ba ta kwafe sautin ta ajiye a jikin lambar, tana riƙe adireshin inda fayil ɗin yake ne kawai. In aka goge shi, ko aka matsar, ko yana kan memori aka cire, sai ta koma na asali ba tare da ta ce maka komai ba. Manhajojin share datti sukan yi wannan ɓarnar, musamman in sautin daga WhatsApp aka turo maka yana zaune a cikin kayan WhatsApp. Ka kwafe shi zuwa foldar Ringtones a cikin ma'ajiyar wayar kanta, ka sake zaɓa daga can. Ka duba kuma ko lambar matarka sau biyu take, ɗaya a sim ɗaya a Google. Wani lokaci wayar takan ɗauko wadda ba ta da sautin.

Usman:
Sautin da ya zo da wayar ne na zaɓa, ba nawa ba. Lambar kuma guda ɗaya ce, na bincika.

Malam Nura:
To ka fitar da ni daga abin da na zata. Ka turo hoton shafin lambar, ka rufe lambar kanta, da sunan manhajar da kake kira da ita. In ka sauko da wata ta daban ban da ta wayar, daga nan zan fara zargi.

Usman:
Sai na tashi daga aiki.

Hajara:
Na dawo da rahoto. Na kunna Do not disturb da hannu na ce ƙanena ya kira ni. Ya yi ƙara da sautinsa. Na ce maƙwabciyata ta kira, shiru, ta sake kira, ya shigo. Amma da ƙanen nawa ya kira ta WhatsApp wani sauti daban na ji, ba wanda na sa masa ba.

Malam Nura:
Haka ne, a Android WhatsApp yana da nasa. Ki buɗe hirarku, ki taɓa sunansa a sama, ki shiga Notifications, a nan za ki sa masa ringin da jijjigar kira. Ki sake gwada kiran WhatsApp ɗin da Do not disturb a kunne, sau biyu ko uku, kafin ki dogara da shi. Kada ki sa WhatsApp gaba ɗaya cikin manhajojin da aka yarje wa ƙara, guruf-guruf ɗin za su dawo miki. Ni da ni ne ke, zan gaya wa ƙanen nawa da Mama cewa in dare ya yi su kira ta layi kai tsaye.

Hajara:
Na gaya masa yanzu. Mama dama ba ta san wani WhatsApp ba, lamba ɗaya take dannawa a wayarta ta riƙe.

Kawu Ila:
Abba na kira su sun cire waƙar. Yanzu wane ne zai nuna mini inda tauraron nan yake?